Yadda Ake Auna Tuwo, Shinkafa da Doya Ba Tare da An Rabu da Abincin Gida Ba

Lokacin da likita ya gaya wa maigidana cewa sukarin jininsa ya hau kuma dole ya rage ƙiba, shawarar farko da 'yan uwa suka ba mu ita ce ya daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Ya gwada, bai kai kwana goma ba ya koma, domin mutumin da ya tashi da tuwo tun yarinta ba zai kwana da ganye kaɗai ya ce ya ci abinci ba. Abin da ya ɗore mana shi ne awo. Tuwon da muka saba shi muke ci, miyarmu ba ta sauya ba, adadin ne muka gyara, kuma gyaran daga wurin ɗibar tsaba yake farawa, tun kafin a ɗora tukunya. Na yi shekaru ina wannan awo, na kuma koya wa mata da dama, shi ya sa nake magana da uwargida kai tsaye a nan, ko da yake namijin da yake dafa wa kansa zai iya bin matakan yadda suke.

Kafin komai, ba kowa ne ya kamata a rage wa abinci ba. Yara masu tasowa, mai juna biyu, mai shayarwa, mara lafiyar da ya rame, da manomi ko lebura da yake wuni yana aikin ƙarfi, duk waɗannan a bar musu rabonsu. Awon na babban mutum ne da yawancin wuninsa a zaune yake, a shago ko ofis ko gida, wanda jikinsa ya yi nauyi ko aka ce sukarinsa ya hau. Wanda kuma yake allurar insulin ko yake shan ƙwayar rage sukari, kada ya rage tuwo sai ya sanar da likitansa, domin an auna maganin ne da yawan abincin da ya saba ci. Idan abincin ya ragu maganin bai ragu ba, sukari yana iya faɗuwa ƙasa sosai, a ga mutum yana rawar jiki, yana gumi, jiri yana ɗibarsa. In haka ta faru a ba shi ruwan sukari nan take, sannan a nemi likita.

Kayan da ake bukata

Abu na farko shi ne gwangwanin madarar ruwa, ƙaramin nan mai giram 170, a wanke shi a ajiye a cikin buhun shinkafa. Shi ne ma'aunin da zan riƙa ambata. Idan aka cika shi aka shafe bakinsa, yana ɗaukar ɗanyar shinkafa kimanin giram 130, garin masara ko na dawa kuma kimanin giram 95.

Na biyu faranti matsakaici, wanda faɗinsa bai wuce santimita 23 ba, wato kusan taƙin hannun babban mutum da ɗan ɗori. A ware shi ga mai awon, kada a riƙa zuba masa a babban tire ko a kai masa kula ya ɗiba da kansa.

Na uku ƙaramar mara ta kwasar tuwo, da cokalin cin abinci guda da za a keɓe don auna mai, da kwanon miya mai zurfi. Kwanon miyar ya fi wanda aka saba girma, kuma za ki ga dalili a gaba.

Na huɗu ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Yana sauƙaƙa aiki ƙwarai a makonnin farko, amma idan babu ba a fasa ba: gwangwani da dunƙulen hannu sun isa. Dunƙulen hannun wanda zai ci abincin ake nufi, ba na mai girki ba. A ƙarshe a tanadi littafin rubutu da tef ɗin tela don auna ƙugu.

Ɗan abin da ya kamata a sani

Shinkafa, masara, dawa, gero, alkama, doya da rogo duk sitaci ne ya fi yawa a cikinsu, kuma sitaci idan ya narke a ciki sukari yake zama ya shiga jini. Wanda jiki bai ƙona ba yakan taru ya zama kitse. Busasshiyar tsaba ko gari, kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sitaci ne ko ma fiye da haka kaɗan, dafaffiyar shinkafa da dafaffiyar doya kuwa kowane giram 100 yana ɗauke da kimanin giram 28. Ga babban mutum mai zaman wuri ɗaya, abin da ake nufa shi ne sitacin da ke cikin tuwo ko shinkafar zama ɗaya ya tsaya tsakanin giram 45 zuwa 60. Mace mai ƙaramin jiki ta kama ƙasan wannan adadi, namiji dogo ya kama samansa. Wannan lissafin kaɗai za ki riƙe, sauran duk aikin hannu ne.

Mataki na 1: A auna abin da ake ci yanzu, kada a rage komai

Kwana uku na farko ki zuba abinci yadda kika saba, sai dai kafin ki miƙa ki ɗora a sikeli ki rubuta, ko ki ƙirga dunƙule nawa ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san kima, sai dai a wannan sha'ani ido ya saba da cikakken faranti, saboda haka kimarsa ta karkace. Ranar da na fara auna shinkafar ranar maigidana na samu giram 520, wato sitaci kusan giram 145, ninki biyu da rabi na abin da ya dace, kuma da dare malmala biyu manya yake tashi da su. Da an tambaye ni kafin ranar, da na rantse cewa ba shi da ci.

Ki rubuta har da ƙari, da ƙanzon da aka kankare aka ci a tsaye, da lomar da ake kaiwa baki a wurin kwasa da sunan ɗanɗano. Mata da yawa da na koya wa sun gano cewa nasu yawan cin a bakin murhu yake, ba a faranti ba.

Mataki na 2: A auna tsaba kafin ta shiga tukunya

Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa. Abin da aka dafa za a cinye shi, ko a zaman farko ko a ƙari, don haka wanda ya dafa da yawa yana fatan zai kame hannunsa ya riga ya wahalar da kansa. Ƙa'idar da nake bi ita ce gwangwani ɗaya na ɗanyar shinkafa na mutum biyu ne masu awo. Shinkafa idan ta dahu tana ninka nauyinta kusan sau uku, saboda haka rabin gwangwani, giram 65, zai ba da dafaffiya giram 180 zuwa 200, kimanin dunƙulen hannu guda mai kyau, kuma sitacin ciki bai wuce giram 50 da ɗoriya ba. Haka lissafin yake ko fara za a dafa, ko dafa-duka, ko tuwon shinkafa.

Gari kuwa, gwangwani biyu suna ba da malmala uku. Ga yadda nake yi a gidanmu da dare: ina auna gwangwani shida na garin masara, kimanin giram 570, in ajiye a roba, in rufe buhu in mayar da shi ɗaki. Daga cikin wannan garin nake ɗibar na talge, kuma da sauran nake tuƙawa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a auna garin tuƙi a manta da na talge, ko kuma tuwo ya yi ruwa a miƙa hannu cikin buhu a ƙara barbaɗawa ba awo. Idan ruwan ya yi yawa, ki rage shi a kofi kafin ki fara zuba gari, in ya so ki mayar daga baya idan tuwon ya yi tauri.

Dalilin da ya sa nake auna gari maimakon tuwo shi ne nauyin tuwo ya danganta da ruwan da ya sha. Malmala biyu masu girma ɗaya, ɗaya mai tauri ɗaya mai laushi, mai taurin ta fi gari nesa ba kusa ba. Saboda haka tuwo mai ɗan laushi ya fi dacewa da mai awo: ido zai ga malmala ta cika, ciki zai ji nauyi, alhali garin bai ƙaru ba.

Mataki na 3: A kwashe tuwo malmala daidai da juna

Garin nan gwangwani shida nakan raba tuwonsa malmala tara daidai wa daida, kowace kimanin giram 200, girman dunƙulen hannu. Tunda na san garin duka giram 570 ne, kowace malmala ta samu giram 63 na gari, sitaci kimanin giram 47. Maigida malmala ɗaya, ni ɗaya, samari biyu da muke da su bibbiyu, ƙaramarmu ɗaya, biyu su rage na ɗumamen safe. Wanda ba ya awo ba a hana shi ƙari ba, amma mai awo ya san tasa guda ce.

Amfanin ƙananan malmala masu girma ɗaya shi ne lissafi ya koma ƙirga, ba a bukatar sikeli kullum. Idan ba ki da ƙaramar mara, ki nemi ƙaramin kwano ko kofin da dunƙulen hannu yake cika shi, ki jiƙa shi da ruwa, ki danna tuwon a ciki ki kife. Kada ki yi babbar malmala ki ce mai ci ya bar rabi. Hannu idan ya fara yankar loma ba ya tsayawa a tsakiya, kuma a tarbiyyarmu barin saura a kwano abu ne da ake jin nauyinsa.

Mataki na 4: Doya, sakwara da teba

Doya tana da wuyar kimantawa saboda girmanta ya bambanta. Bayan an fere, giram 200 shi ne rabon mutum ɗaya, wato daga matsakaiciyar doya yanka biyu zagaye, kowane kaurin babban yatsa. Idan kika ƙara yayyanka su ƙanana kafin ki dafa, za su bazu a faranti su yi auki a ido. Faten doya da alayyafo mai yawa da kifi ya fi duk sauran hanyoyin sauƙin awo, domin ganyen yana cike gurbin. Soyayyiyar doya kuwa, ko doya da ƙwai, sitacinta bai ƙaru ba amma ta sha mai, don haka a bar ta sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka.

Sakwara ce ta fi yaudara. Daka yana matse doya ta koma ƙarama, ga santsi, ga ba a tauna ta sosai, sai mutum ya haɗiye doyar da ba zai iya cinyewa a dafe ba. Maganinsa a ƙirga yankan kafin su shiga turmi: mutum huɗu, yanka takwas, a daka, a raba huɗu. Malmalar za ta fito ƙasa da wadda aka saba gani a gidajen abinci, kuma haka ya kamata ta kasance. Garin sakwara na leda da garin rogo na teba ana auna su kamar garin tuwo, sai dai a ɗan rage, rabin gwangwani da ɗan ɗori ga mutum ɗaya, saboda kusan duk nauyinsu sitaci ne.

A nan ne zan tsaya kan wata magana da ta yaɗu, wai mai ciwon sukari ya koma tuwon alkama ko acca sai ya ci iya cikinsa. Na ga mutanen da wannan magana ta cutar. Garin alkama da acca sitacinsu yana kusa da na masara da shinkafa, kuma malmala biyu na alkama za su ɗaga sukari fiye da malmala ɗaya ta masara. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe ba, wato dawa ko gero ko alkama da aka niƙa da dusarsu, ya fi ɗan jinkirin narkewa kuma ya fi riƙe ciki, ni ma shi na fi so. Amma shi ma awon nan ɗaya ake yi masa. Wanda kuɗinsa bai kai na acca ba kada ya damu, dawar gidansa ta wadatar.

Mataki na 5: A cike gurbin da aka rage

Duk wanda na gani ya fasa awo, a wannan matakin ya faɗi. Ya rage tuwo bai ƙara komai ba, ya tashi da yunwa, ƙarfe goma na dare ya aika a sayo masa burodi da shayi ko taliyar leda. Ciki yana jin ƙoshi ne da cika, saboda haka abin da aka cire daga tuwo dole a mayar da shi ta wani abin da ba sitaci ba.

Ki raba farantin a ido: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara, ragowar kashi ɗayan shi ne na shinkafa ko doya. Da tuwo kuwa, kwanon miya ne yake zama rabin farantin. Mun saba da tuwo mai yawa da miya 'yar kaɗan ta shafawa, yanzu sai a juya: miya ludayi uku ko huɗu, mai kauri da ganye, har a iya shan ta da cokali. Miyar kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, yakuwa, zogale, alayyafo da taushe duk sun dace. Miyar gyaɗa da ta agushi suna da kyau amma suna da maiƙo, a tsaya a ludayi biyu a ƙara musu ganye. A kula da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin idan miya ta ninka kuma aka sa mata gishiri kamar da, gishirin da ake ci ya ninka ke nan, kuma mai hawan jini ba zai ji daɗin hakan ba. Daddawa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano ba sai an cika gishiri ba.

Ranar shinkafa, hanyar da ta fi araha ita ce wake. Garau-garau da aka yi rabi shinkafa rabi wake ya fi farar shinkafa zalla riƙe ciki, domin wake yana da sinadarin gina jiki kuma yana da dusa mai jinkirta narkewa. Shi ma yana da sitaci, saboda haka waken yana maye gurbin wani ɓangare na shinkafar ne, ba a ɗora shi a kan cikakken rabo ba: dunƙule ɗaya da ɗan ɗori na haɗin duka. A gefe a sa kabeji, latas, tumatir, kokwamba, ko kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan. Lokacin da ɗanyen ganye ya yi tsada, busasshen zogale da busasshiyar rama suna yin aikin, a jiƙa a tafasa. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zan ce ya tambayi likita kafin ya yawaita wake da ganye.

Mataki na 6: A auna mai da abin sha

Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki, kusan 120, daidai da dafaffiyar shinkafa giram 90, kusan rabin rabon da muka auna. Wanda ya rage shinkafa sannan ya tuttula mai da yaji daga kwalba har ya kwanta a ƙasan faranti, ya mayar da abin da ya cire ta wata ƙofa. Mai ba ya ɗaga sukari kai tsaye, amma ga mai son rage ƙiba lissafinsa babba ne. Ni cokali ɗaya nake ƙiyasta wa kowane mutum a tukunyar miya, mutum shida cokali shida, kuma a kan garau-garau ko ɗanwake da cokali ake zubawa.

Lemon kwalba ƙarami yana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali takwas ko tara, kusa da sitacin malmala guda. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari ba su da nisa da shi. Fura da kunu da koko kuwa hatsi ne, abinci ne a karan kansu, don haka wanda ya sha fura da rana ya riga ya ci tuwon wannan zaman, ba abin kora shinkafa ba ce. Ƙa'idar ita ce sitaci ɗaya a zama ɗaya. Shinkafa da taliya a faranti guda, ko doya da burodi, ko waina bayan tuwo, a zaɓi guda, ko a raba dunƙulen nan ɗaya a tsakaninsu.

Mataki na 7: A sauka a hankali

Kada a tashi daga giram 520 a faɗa 200 rana ɗaya. Mu mako shida muka ɗauka. Makonni biyu na farko shinkafar ta koma 400, malmala biyu suka koma ɗaya da rabi. Makonni biyu na gaba 300, da malmala ɗaya da 'yar ƙarama. Daga mako na biyar muka tsaya a 200 zuwa 230 da malmala ɗaya, kuma a kowane saukowa ina ƙara ludayin miya ko ganye. Kwana uku zuwa huɗu na farkon kowane mataki mutum yakan ji kamar bai ƙoshi ba, daga nan ciki ya saba.

Yadda ake cin ma yana taimakawa. A fara da miya ko ganye da nama kafin a taɓa tuwo, a yi ƙananan loma, kowace a ɗebo miya sosai da ita. Ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin mutum ya ji shi, saboda haka wanda ya gama cikin minti biyar zai ga kamar bai ci ba. Idan an gama ana son ƙari, a sha ruwa a jira kwata, in har yunwar tana nan a ƙara miya ko wake. Kuma kada a tsallake karin kumallo ko abincin rana don a tara wa dare, wanda ya wuni da yunwa ba ya iya tsayawa a malmala ɗaya.

Mataki na 8: Idan ana ci a kwano ɗaya, ko a gidan biki

A gidaje da yawa maza suna haɗuwa a zaure ko ƙofar gida su ci tare, mata ma haka, kuma ware kwano yana iya zama kamar ƙyama ko girman kai. Ba sai an fasa cin tare ba. Idan tuwon malmala-malmala ne, mai awo ya jawo guda gabansa ya tsaya a kanta. Idan shinkafa ce a tire, ya shata gabansa da hannu gwargwadon dunƙule tun kafin a fara, ya ci a hankali yadda zai gama tare da jama'a. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne mutum ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ya ce likita ya sa shi awo. Mutanenmu suna girmama wannan, har su riƙa tura masa nama da ganye.

A gidan biki ko suna, inda ake kawo waina da shinkafa da alkaki da lemo a lokaci guda, a ci ɗan wani abu a gida kafin a fita, a zaɓi abu ɗaya a can, waina uku matsakaita da miyar taushe misali, sauran a ƙulle a kai wa yara. A gidan abinci kuwa malmalarsu takan kai biyu na tamu, sai a nemi leda tun farko a raba biyu kafin a sa hannu. Da azumi ma awon bai sauya ba, illa dai kunu da ƙosai da soyayyen dankalin buɗa-baki su ma zama ɗaya ne, saboda haka a bar tazara har bayan tarawihi kafin a ci malmalar dare.

Mataki na 9: A duba ko awon yana aiki

Sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, a auna ƙugu da tef daidai saitin cibiya, a rubuta. Abin da ake nema a hankali shi ne zagayen ƙugu ya koma ƙasa da rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya sauka ƙasa da 85. Idan akwai sikelin hawa, raguwar rabin kilo a mako ta isa. Mai na'urar gwajin sukari ya gwada awa biyu bayan fara cin abinci. Ga yawancin masu ciwon sukari ana so lambar ta kasance ƙasa da 180, ko ƙasa da 10 a na'urorin da ke ƙirga da ƙananan lambobi, sai dai idan likita ya ba da wata iyaka. Idan ta sauka ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a ɗaya ma'aunin, ta faɗi da yawa. Wannan gwajin ne ya nuna mana cewa malmala ɗaya ta dawa da miyar kuɓewa tana zaunar wa maigidana lafiya, tuwon shinkafa mai girma ɗaya kuwa yana ɗaga shi fiye da haka, sai muka mayar da tuwon shinkafa na ranar Juma'a kaɗai. Jikin wani zai iya nuna akasin haka, shi ya sa kowa ya gwada nasa.

Idan wata guda ya wuce ba a ga sauyi ba, kada a yi gaggawar ƙara rage tuwo. A koma littafi a duba abubuwa uku: man da ake zubawa, abin da ake sha, da ciye-ciyen tsakanin abinci kamar gyaɗa, cincin, rake da burodin shayi. Sannan a sake ɗora malmala a sikeli, domin hannun mai kwasa yakan ƙara nauyi a hankali ba ta sani ba. Ni kaina na taɓa samun malmalata ta koma giram 270 bayan wata uku, tun daga nan nake sake aunawa a farkon kowane wata. Idan kuwa mutum yana jin kasala, jiri, ko yana ramewa da sauri fiye da kilo ɗaya a mako, an rage fiye da kima, a mayar masa da rabin malmala a kuma je asibiti a duba shi.